Ka San Garin Kafin Ka Buɗe Littafin

Na ji an fara ba ka jagorancin binciken asusun kamfanonin da ke Arlit, har da masu ɗauko kaya daga Assamakka, kuma na yi murna, domin aiki ne da ba a miƙa wa yaro sai an ga natsuwa a tare da shi. Akwai abu guda da nake so mu zauna a kansa, wanda matasa ke yi da gaggawa saboda suna ganin ba shi ne ainihin aikin ba, wato auna alƙaluma da juna: ka gwama na bana da na bara, ka gwama ciniki da bashi, ka gwama abin da aka rubuta da abin da hankali ya ce ya kamata a gani. Ƙa'idojin sana'armu sun wajabta wannan a wuri biyu. ISA 315 ta sa shi a farkon aiki, lokacin da kake neman inda kuskure zai iya ɓuya, ISA 520 kuma ta sa shi a ƙarshe, dab da sa hannu a rahoto. A tsakiyar aiki zaɓi ne gare ka, amma a waɗannan wurare biyu babu zaɓi.

Abin da nake gani wajen yara da yawa shi ne, su jera ginshiƙin bara da na bana, su fitar da bambanci, duk layin da ya yi tsalle su ja masa jan biro, wanda bai motsa ba su wuce shi da kwanciyar rai. Wannan rabin aiki ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Kafin ka duba littafin bana, sai ka fara rubuta abin da kake tsammanin gani da dalilinka, domin idan ka riga ka ga lambar, zuciyarka za ta nemo mata hujja ko ba ka sa ta ba. Shi kuwa tsammani ba ya fitowa daga ofis. Daga sanin gari yake fitowa.

Arlit gari ne da uraniyum ya haifa. SOMAÏR ta fara haƙa a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978 da ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa, unguwar Akokan kuma ta tashi a gefensa. Albashin ma'adinai shi ne ke zagayawa cikin kasuwa, daga mai shago zuwa mai nama zuwa mai haya. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta daina haƙa, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Duk wanda ya zo binciken asusun 2021 na wani ɗan kasuwar Arlit bai sa wannan rana a gabansa ba, to bai fara aiki ba tukuna. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Assamakka, fiye da kilomita 200 daga Arlit, ƙofar da kayan Aljeriya ke shigowa ta Ingezam: taliya, madarar gari, man girki, dabino. Idan iyaka ta ƙuntata farashi ya tashi, idan ta saki ya sauka, saboda haka ribar ɗan kasuwar da ke bin wannan hanya ba ta tafiya a miƙe kamar ta mai shago a Yamai.

Bari in ƙaddara maka misali, lambobin nawa ne na tsara su domin mu yi lissafi tare, kuma na ajiye maganar haraji gefe don kada ta cika mana ido. Mu ce wani Alhaji yana da kamfanin sari a Arlit, motocinsa na ɗauko kaya daga Assamakka, yana raba wa shaguna da masu dafa wa ma'aikata abinci. Cinikinsa ya haura sefa miliyan 250, dukiyar kamfanin ta haura miliyan 125, don haka dokar OHADA ta tilasta masa naɗa mai binciken asusu, aka naɗa ofishinku. A 2020 ya sayar da kayan miliyan 600, wato miliyan 50 a wata. Kayan sun tsaya masa a kan miliyan 510, ribar kai miliyan 90, kashi 15 cikin 100. A ƙarshen shekarar ana riƙe masa bashin miliyan 75, kayan da ke magaza kuma na miliyan 70 ne. Kada ka manta 2020 shekarar korona ce da Aljeriya ta rufe iyakokinta, saboda haka sai ka leƙa 2019 da 2018 ka tabbatar ma'aunin da za ka jingina a kansa ba karkatacce ba ne. Mu ɗauka ka leƙa, ka ga shekarun sun yi kusa da juna.

Yanzu ka zauna da littafin masu saye na bara, ka ga kashi ɗaya cikin uku na cinikin, miliyan 200, yana zuwa ne daga Akokan da mutanen da abincinsu ke rataye da COMINAK. Ba duka za su ɓace ba, domin wasu sun karɓi kuɗin sallama, wasu sun zauna, aikin gyaran wurin ma ya riƙe wasu. Ka yi hira da mai kula da tallace-tallace, ka zaga kasuwa da ƙafarka, ka tsaya a kan cewa rabin wannan ciniki zai tafi. Wata tara suka rage bayan Maris. Miliyan 200 a shekara, wata tara daga ciki miliyan 150 ke nan, rabinsa miliyan 75. Sai ka rubuta a takardarka: ina tsammanin cinikin 2021 ya tsaya wajen miliyan 525, kuma duk ratar da ta wuce miliyan 25 sama ko ƙasa sai na bi sawunta. Ka rubuta iyakar nan tun yanzu, domin wanda ya bari sai ya ga rata kafin ya sa iyaka, iyakarsa kullum takan faɗo daidai inda za ta hutar da shi.

Sai kontabul ya miƙo maka littafin bana. Ciniki miliyan 612. Kuɗin kayan da aka sayar miliyan 520, riba miliyan 92, kashi 15 cikin 100 cif kamar bara. Sayen kaya miliyan 510, ka gwama da takardun duwan na Assamakka da yawan sawun motoci, ka ga sun yi daidai. Yaron da ke neman layin da ya yi tsalle zai ce ciniki ya ƙaru da kashi 2 kacal, riba ba ta motsa ba, lafiya lau. Amma kai kana riƙe da takardar da ta ce 525, saboda haka abin da ke gabanka ratar miliyan 87 ce, fiye da ninki uku na iyakar da ka sa. Gari ya girgiza, littafi bai girgiza ba. Ni a wajena wannan ya fi tsalle ban tsoro, domin tsalle yakan zo da kansa, zama daram kuwa a shekarar da ba ta zauna ba sau da yawa wani ne ya daidaita shi.

Daga nan sai ka dubi bashi. Miliyan 75 ya koma 160. Ka raba bashin da cinikin shekara, ka ninka da 365, za ka sami yawan kwanakin da kuɗi ke yi a hannun mutane: bara kwana 46, bana kwana 95. Ka kuma yi ɗan lissafin kuɗin da ya shigo hannu, bashin farkon shekara a haɗa da ciniki a cire bashin ƙarshe, zai ba ka miliyan 527. Ciniki ya hau a takarda, kuɗi ya sauka a aljihu da fiye da miliyan 70, kuma abin da ya shigo ɗin ya faɗo kusa da tsammaninka. Abu na gaba shi ne ka daina kallon shekara a dunƙule, ka warware ta wata-wata, domin jimilla tana haɗiye abubuwa da yawa. Janairu zuwa Maris miliyan 50 kowane wata. Afrilu zuwa Nuwamba wajen 42. Disamba 126.

Ka tsaya a nan, ɗana, kada ka yi saurin cewa ka kama ɓarawo. Wannan awo kamar hannun uwa ne a goshin yaro, yana gaya mata akwai zazzaɓi, ba ya gaya mata ko na sauro ne ko na haƙori. Lambobin da ka yi aiki da su ba a bincika su ba tukuna, tsammaninka ma a kan hasashen rabi ka gina shi, yana iya yiwuwa ka yi tsanani ko ka yi sassauci. Mai yiwuwa Alhaji ya sami babban mai saye daga Agadez, ko masu haƙar zinariya na Cibarakaten sun yi masa sari mai yawa a ƙarshen shekara, abin da yakan faru. Amfanin abin da ka gano shi ne ya canza tsarin aikinka. Da kwanakin da ka ware za su tafi ne a kan sayen kaya da kuɗin duwan, tunda nan ne aka saba samun rikici a kamfanonin bakin iyaka. Yanzu ka san sayen kaya ya yi daidai da shaidar waje, saboda haka ka rage masa lokaci, ka tura babban mataimakinka kan cinikin Disamba da kan bashin da ya kumbura, ka rubuta su a matsayin haɗari mai girma. ISA 240 dama ta ce ka ɗauka akwai yiwuwar maguɗi a wajen rubuta ciniki, ga shi kuma alƙaluma sun nuna maka watan da za ka tona.

Za ka tambayi Alhaji, kuma ka tambaye shi da ladabi, domin dattijo ne kuma a gidansa kake. Ka ce, ranka ya daɗe, na ga Allah ya buɗa kasuwa a Disamba, su wa suka yi wannan sari? Zai ba ka amsa mai daɗin ji, wataƙila ma ya gaskata ta da kansa. Ka rubuta amsar, ka gode masa, sannan ka nemi abin da zai tabbatar da ita daga hannun da ba shi da ruwa da littafin ciniki. A irin wannan kamfani na fi son littafin ƴan dako. Ana biyansu ne a kan kowane kwali da suka ɗora a mota, magajin magaza yana rubutawa kullum da yamma a wani tsohon littafi mai maiƙo a gefe, kuma babu wanda ke tunawa da shi idan ana gyaran lambobi. In kaya sun fita ninki uku a Disamba, kuɗin dako zai ninka uku, man motocin rabo ma zai tashi. A misalinmu ka duba ka ga dakon Disamba bai fi na Nuwamba ba. Ka bi takardun sayarwa na kwanakin ƙarshen wata, ka tarar da na miliyan 84 an rubuta su da sunan shaguna uku, babu takardar fitar kaya, babu sa hannun wanda ya karɓa, masu shagunan kuma da aka aika musu wasiƙar tabbatar da bashi suka ce sun yi maganar saye ne kawai, kaya ba su iso su ba. Aka yi zama, Alhaji ya yarda a soke, kontabul ya ce zai gyara.

A nan ne gajiya ke shiga. An yi makonni ana aiki, zafin Afrilu ya sauka a Arlit, taron masu hannun jari dole a yi shi kafin wata shida su cika da rufe shekara, banki na jiran takardu, kowa na kiran wayarka. Ka kama babban abu, zuciyarka ta ce aiki ya ƙare. To, awo na biyu domin wannan sa'a aka ajiye shi, kuma tambayarsa dabam take da ta farko. Da farko kana tambaya ne ina zan duba. Yanzu kana tambaya, bayan duk gyare-gyaren da aka yi, wannan asusu da zan sa sunana a ƙarƙashinsa ya yi kama da kamfanin da na sani? Mataimakanka kowa ya binciki ɗakinsa, wannan bashi, wancan kaya, wancan banki, kowa ya ce nasa lafiya, amma babu wanda ya haɗa su wuri guda sai kai.

Ka karɓi sabon asusun, ka sake yin lissafin nan na farko daga tushe, kada ka dogara da tsohuwar takardarka. Ciniki ya koma miliyan 528, dab da tsammaninka. Bashi ya koma 76, kwana 53, ya ɗan ɗara na bara, abin da ya dace da garin da kuɗi ya yi wa ƙaranci. Sai ka zo kan riba ka ga miliyan 8 kawai, ƙasa da kashi 2 cikin 100. Ɗan kasuwar da ya saba da kashi 15 ba ya faɗuwa zuwa nan ba tare da an ji kukansa tun daga tasha ba. Abin da ya faru shi ne kontabul ya soke cinikin amma bai maido da kayan cikin lissafin magaza ba. Ranar ƙirgar ƙarshen shekara an ware waɗannan kwalaye a wani ɗaki na baya a matsayin an riga an sayar, ba a ƙirga su ba. Kuɗinsu miliyan 71. Idan aka maido su, kuɗin kayan da aka sayar ya sauka zuwa 449, riba ta koma miliyan 79, kashi 15 ya dawo wurinsa. Da ka sa hannu ba ka sake awo ba, da gyaran da kai ka nema shi ne ya haifar da sabon kuskure, kuma da an zalunci Alhaji ta ɗaya gefen. Aikinmu bai tsaya ga hana ƙari ba, ragi ma kuskure ne.

Kada ka rufe jakarka tukuna, domin gyara ɗaya yakan motsa wani layi. Kayan magaza yanzu miliyan 131 ne, ba 60 da aka fara nuna maka ba. Ka raba da kuɗin kayan da aka sayar, ka ninka da 365, ka sami kwana 106, inda bara kwana 50 ne. A nan ne labarin shekarar ya fito fili gaba ɗayansa: kasuwa ta ragu tun Afrilu, Alhaji bai rage sawun motocinsa zuwa Assamakka ba, kaya suka taru, kuɗi suka maƙale, bashin banki ya hau, aka zo ƙarshen shekara ana buƙatar asusu mai kyau da za a nuna wa bankin don ya sabunta rance. Ban ce mugun mutum ba ne. Mutane da yawa da na gani sun shiga irin wannan suna cewa a ransu ai a Janairu za a sayar, sai a daidaita.

Wannan tulin kaya haɗari ne da ba ya cikin tsarinka na farko, domin a lokacin lambar magaza ta nuna kwana 42, babu abin da zai ja hankalinka. Ƙa'ida ta ce idan awon ƙarshe ya tono haɗarin da ba ka gani ba, sai ka koma ka gyara tsarinka ka ƙara aiki, ko da jirgi na jiranka. Madarar gari da man girki suna da ranar lalacewa, zafin hamada kuma ba ya tausaya musu. Ka shiga ɗakin nan na baya da kanka, ka sa a sauko da kwalayen da ke can ƙasan jeri, ka goge ƙurar ka karanta kwanan watan da aka buga a gefe, ka duba farashin da aka sayar da irinsu a Fabrairu da Maris. SYSCOHADA ta ce idan abin da kaya za su kawo ya gaza abin da aka saye su, a rage darajarsu a littafi. Mu ce ragin ya kai miliyan 18. Idan sauran kashe-kashen kamfanin miliyan 62 ne, asusun farko ya nuna ribar miliyan 30, bayan soke ciniki ta koma 17, bayan ragin nan kuma ta zama asarar miliyan 1. Daga nan dole ka tambayi kanka tambayar ISA 570, ko kamfanin zai iya ci gaba da tsayawa wata goma sha biyu masu zuwa in banki ya ƙi sabunta rancen, ka nemi wasiƙar bankin da lissafin kuɗin da ake sa ran shigowa, ka ga ko an faɗi gaskiyar lamarin a bayanan da ke rakiyar asusu.

Wani abu kuma da zan roƙe ka, kada ka ɗauki ma'aunin wata shekara ka yi ta yawo da shi. Wanda ya binciki asusun 2023 a wannan yanki ya tarar da wani labari dabam: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli iyakar Benin ta rufe, hanyar Kwatano da kayan ma'adinai ke bi ta tsaya, aikin SOMAÏR ya samu cikas, ƴan kwangilarta suka ji a jikinsu, yayin da mai ɗauko kaya ta arewa zai iya ganin kasuwarsa ta buɗe. A irin wannan shekara hawan ciniki a littafin Alhajinmu ba zai zama abin mamaki ba, saukarsa ce za ta nemi bayani. Saboda haka kowace shekara sai ka sake zama ka gina tsammani sabo, da ranakun abubuwan da suka faru a gabanka.

Idan ka gama, ka rubuta duka a fayil ɗinka yadda wanda bai taɓa zuwa Arlit ba zai karanta ya gane: abin da ka yi tsammani da dalilinsa, abin da ka gani, wanda ka tambaya, shaidar da ka samu daga waje, da abin da ka yanke. Sannan ka koma wajen Alhaji da maganar miliyan 18 ɗin, ka zaɓi lokacin da babu yaransa a ɗakin, domin dattijo ya fi karɓar magana mai nauyi idan ba a gaban na ƙasa da shi ba. In ya yarda a gyara, ka karɓi asusun na uku ka sake auna shi daga sama har ƙasa kamar yadda ka yi wa na biyu. In ya ƙi, ka gaya masa a fili cewa rahotonka zai fita da togiya a kan darajar kayan magaza, da adadin kuɗin a rubuce, ka ba shi kwana biyu ya yi shawara da kontabul ɗinsa kafin ka sa ranar sa hannu.